Saƙon sabon maƙwabci a ƙasar Arewa: wa za ka fara sanarwa, me za ka ce

Daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, lokacin da makarantu ke shirin komawa, ba a rasa ganin mota ɗauke da katifa da tukwane da buhun hatsi tana sauka daga babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta bi ta Doso, ta ratsa Dogon Dutsi ta nufi Ƙonni. Mafi yawan masu kayan ma'aikata ne da aka yi wa canjin wurin aiki: malamin makaranta, ma'aikaciyar likita, ma'aikacin gona. Wani a cikin Dutsi zai zauna, wani zai zarce Matankari, wani kuma ya yi kudu, Kiyeshe ko Kore Mai Ruwa ko Gesheme ko Tibiri. Kusan dukkansu gidan haya za su shiga, irin wanda iyali uku ko huɗu ke tarayya a ƙofa ɗaya, famfo ɗaya, makewayi ɗaya. Wannan jagora ta irin wannan mutum ce. Ni ma haka na shiga Dutsi, kuma na yi kuskuren da zan ba da labarinsa a gaba.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, a nan saƙo ba ya maye gurbin zuwa da kai. Zumunta a ƙafa take, in ji masu magana, kuma maƙwabtaka ƙanwarta ce. Aikin saƙo biyu ne kawai: ko ya riga ka zuwa ya nema maka iso, ko ya biyo bayanka ya ajiye abin da aka faɗa baki da baki don kada a manta. Wanda ya aika saƙo mai daɗi sannan ya rufe ƙofarsa kwana uku bai leƙa kowa ba, za a ce yana da girman kai, kuma daɗin kalmomin nasa ma zai ƙara masa laifi.

Kafin ka tsara kalma ɗaya, nemo wanda zai gabatar da kai. Baƙo a ƙasar Arewa ba ya faɗo daga sama, a hannun wani yake shigowa. Wannan mutum yana iya zama mai gidan da ka kama haya, ko wakilinsa mai karɓar kuɗin wata, ko shugaban wurin aikinka, ko wani ɗan gari da kuka yi karatu tare. Ka zauna da shi minti goma ka yi masa tambayoyi huɗu. Wane ne babba a gidan, wato wanda ya fi shekaru ko ya fi daɗewa? Da wane suna ake kiran kowane magidanci da kowace uwargida? Wa ke riƙe da lissafin wuta da ruwa? Akwai wanda aka yi wa rasuwa ko haihuwa kwanan nan, ko wanda ke kwance ba lafiya? Tambaya ta ƙarshe ita ce mutane suka fi mantawa, alhali ita ke canza saƙon gaba ɗaya. In an yi rasuwa a ɗakin da ke kusa da naka makonni biyu da suka wuce, da ta'aziyya za ka fara, gabatar da kai ta biyo baya a taƙaice, kuma ba za ka yi ta a waya ba.

Maganar suna tana bukatar natsuwa. Sunan da ke rubuce a takardar haya sau da yawa ba shi ake kiran mutum da shi ba. Dattijo Baba ne, ko Malam, ko Alhaji in ya sauke farali. Dattijuwa Inna ce ko Hajiya. Malamin makarantar boko sau da yawa Mushe ake ce masa, malama kuma Madan. Akwai kuma alkunya: mace ba ta kama sunan mijinta, iyaye da yawa ba sa kama sunan ɗan fari, don haka kada ka ɗauka cewa kiran mace da sunan babban ɗanta girmamawa ce a kowane gida. Ka ji yadda mutanen gidan ke kiranta ka bi sahu. Kuma duk wanda ya girme ka, da “ku” za ka yi masa magana, ko da shi kaɗai ne.

Sai tsarin wanda ake fara gaisarwa. A gidan haya cikin gari, babban gidan ne farko, sannan wanda kuke bango ɗaya, sannan sauran. Bayan su sai gidan da ke daura da ƙofarku da na dama da na hagu, sai limamin masallacin unguwa in kai mai zuwa masallaci ne, sai mai unguwa. A ƙauye kuwa tsarin juyawa yake yi: mai gari ne farko, kafin ma ka kwance kaya, kuma da rakiyar wanda ya kawo ka. Wannan ya ƙara nauyi a ƴan shekarun nan. Ƙasar tana dab da iyakar Najeriya ta wajen Kabi da Sakkwato, tsaro ya taɓarɓare a wasu sassan, kuma jama'a suna so su san wanda ya kwana a bayan katangarsu. Wanda ya je da kansa ya ce ga ni, ga wanda ya san ni, ya sauke wa kowa nauyi.

A nan na yi nawa kuskuren. Ranar da na sauka, wani matashi da ke ɗakin ƙarshe ya taya ni sauke kaya, muka yi musayar lamba, da dare na aika masa dogon saƙo na gabatar da kaina, na roƙe shi ya isar wa sauran. Ya isar kuwa. Washegari na lura dattijon gidan yana amsa gaisuwata a gajarce, ba ya ƙara komai a kan “lahiya lau”. Sai bayan kwana huɗu wakilin mai gida ya ja ni gefe ya ce Baba ya ji zuwana daga bakin yaron da ya yi jika da shi. Na sayi goro, na nemi wakilin ya raka ni bayan sallar la'asar, na durƙusa na ce na yi kuskure, baƙunta ce. Dattijon ya karɓi goron ya ce ba komai, ya tambayi mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya. Har yau ina jin nauyin kwanakin nan huɗu, domin da tambaya ɗaya na yi da ba su faru ba. Alamar da za ka gane ka taka irin wannan ita ce gaisuwa ta gajarce. Mutanen nan suna jan gaisuwa: kwana, gajiya, gida, ɗiya, aiki, sanyi ko zafi. In ka ga an amsa maka ɗaya an tsaya, to akwai abin da ya kamata ka bincika.

Yanzu ga saƙon kansa. Ta wace hanya za a aika shi? Ga dattijo, ɗan aike ya fi: wakilin mai gida ko yaro mai hankali ya je ya ce baƙon da ya sauka ɗaki kaza yana neman iso, yaushe zai zo gaisuwa. Ga tsaranka mai salula, saƙon murya na WhatsApp ya fi rubutu nesa ba kusa ba. Dalili a fili yake. Ko da yake a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, yawancin waɗanda suka yi makarantar boko da Faransanci suka koyi karatu, wasu ajami suka iya, wasu kuma ba sa karatu sam, amma kowa yana jin murya. Muryar kuma tana ɗauke da ladabinka yadda rubutu ba zai iya ba. Kada saƙon ya wuce minti ɗaya da rabi. Ka yi shi a wuri shiru, a zaune, kada ka yi shi kana tafe a kan babur. Lambar kuwa ka karɓe ta daga mai ita ko da izininsa, kuma namiji ba ya aika wa matar maƙwabci saƙo: gabatarwar mata ta mata ce, zan zo kanta.

Ga misali. A ce malamin makaranta ne daga Maraɗi, an kawo shi Dutsi, ya kama ciki da falo a gidan iyali huɗu, yana da mata da yara biyu. Ya riga ya gaida babban gidan da ƙafa. Maƙwabcinsa na bango ɗaya ɗan kasuwa ne, ya tafi cin kasuwar ƙauye, sai gobe zai dawo. Ga abin da zai faɗa:

“Salamu alaikum. Alhaji, ina wuni, ina gajiya, ya iyali? Da fatan an ci kasuwa lafiya. Ni ne Malam wane, sabon maƙwabcinku, wanda ya shiga ɗakin da ke jikin naku jiya da yamma. Mutumin Maraɗi ne ni, aikin koyarwa ya kawo ni, kuma wakilin mai gida, wane, shi ya kawo ni gidan, shi ya ba ni lambarku. Ina tare da iyalina da yara biyu ƙanana. Na je na gaida Baba, na leƙo wajenku aka ce kun yi tafiya, shi ya sa na ce bari in yi sallama kafin ku dawo, kada ku tarar da baƙuwar fuska a gida ba labari. In Allah ya dawo da ku lafiya, zan zo gaisuwa bayan la'asar, ko lokacin da kuka ga ya fi muku. Mu baƙi ne, ba mu san tsarin gida ba. Duk abin da kuka ga mun yi ba daidai ba, mu ko yara, ku faɗa mana kai tsaye, ƙannenku ne mu. Allah ya ba mu zama lafiya. Na gode.”

A duba abin da kowane yanki ke yi. Gaisuwa ta zo farko kuma ta taɓo halin da mutumin ke ciki, wato tafiyarsa. Suna ya zo tare da ɗakin, domin maƙwabci ɗakin ya sani, bai san sunan ba tukuna. Asali da dalilin zuwa sun zo a jimla ɗaya, ba a ja su ba. Sunan wanda ya kawo shi shi ne ginshiƙin saƙon duka, shi ne kuma amsar tambayar da Alhaji zai yi a zuciyarsa: ina wannan ya samu lambata? Faɗin cewa an riga an gaida Baba yana nuna baƙon ya san gaba da baya. Adadin mutanen ɗakin ba surutu ba ne, domin a gidan da ake tarayya a famfo da makewayi, kowa yana so ya san mutum nawa aka ƙaru. Sai alƙawarin zuwa da ƙafa, da lokaci. Sai kuma jimlar da na fi ba muhimmanci, ta neman gyara. An ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma saɓanin gidan haya daga ƙananan abubuwa yake tasowa: yaro ya zubar da ruwan wani, an shanya kaya a igiyar da ba taka ba, an bar ƙofar gida a buɗe akuya ta shigo ta ci hatsin da aka baza. In ka buɗe ƙofar gyara tun ranar farko, maƙwabci zai zo maka da maganar kai tsaye. In ba ka buɗe ba, wajen mai gida zai kai ta, ko ya haɗiye ta har ta yi tsami.

Kada ka ƙoƙarta kwaikwayon karin harshen mutanen nan a saƙonka. Za ka ji suna cewa “lahiya” da “tahiya”, “munka zo” da “anka yi”, “ɗiya” a wurin ƴaƴa, “muna” a wurin “mana”. In haka bakinka yake, madalla. In ba haka yake ba, yi Hausarka ta gida, za a gane ka sarai, kuma ta nan ma za a san inda ka fito ba tare da dogon bayani ba. Abin da ya kamata ka kiyaye shi ne sunayen wurare. Arewa a nan ƙasar Arawa ce, ba arewacin Najeriya ake nufi ba. Tibiri kuma biyu ce: mutumin Maraɗi in ya ji Tibiri, ta Gobir yake tunani, amma a nan Tibirin Samna ake nufi, wadda aka cire daga Dogon Dutsi ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. In ka ce daga Tibiri kake, ka faɗi wacce, don kada a fara tambayarka gidan wa.

Akwai abubuwan da ba sa shiga saƙon farko. Na ɗaya roƙo: aron tabarma, aron caja, aron bokiti. Ko kana bukata, ka raba shi da gabatarwa, ka nema wajen wanda ya kawo ka. Na biyu ƙorafi, ko da kuwa ka tarar da makewayi ba tsabta. Na uku matsayi: ka ce koyarwa ta kawo ka, ya isa, ba sai ka lissafa takardunka ba. Na huɗu, kada ka faɗi a waya ranakun da ɗakinka zai zama ba kowa. Saƙon murya yana yawo daga waya zuwa waya, ba ka san kunnen da zai faɗa ba. In za ka yi tafiya, ka faɗa wa maƙwabcin bango baki da baki ka bar masa amana.

Na biyar shi ne tambayar addini da asalin mutum. Ƙasar nan tana da zurfin tarihi. A nan Lugu take, garin Sarauniya, wadda ta yi tsayin daka a gaban rundunar Faransawa a 1899. A nan Bagaji take, garin Baura. Akwai Arawa da Gubawa, akwai Fulani da Buzaye da Zabarmawa, akwai gidajen da suka riƙe al'adun kakanni, kuma a cikin Dutsi akwai Kirista da cocinsu tun zamanin Turawa. Mafi yawan maƙwabtanka Musulmi za su kasance, amma ba aikin baƙo ba ne ya tantance kowa. Akwai kalmomin da mutanen wasu garuruwa ke jifan masu al'adun gargajiya da su ba tare da tunani ba. Ka bar su a inda ka fito. Sallama da fatan zama lafiya suna shiga kowane ɗaki.

Wasan taubasai kuwa wani abu ne daban, kuma yana iya zama babbar gada. Tsakanin Arawa da Fulani akwai wannan wasa tun kaka da kakanni, yana cikin al'adar barkwancin dangantaka ta Nijar da hukumar UNESCO ta sa a jerin gadon ɗan Adam a 2014. In kai Bafulatani ne ka faɗi asalinka, kada ka yi mamaki Ba'are ya amsa maka da cewa bawansa ya iso. Karɓa ce wannan, ka rama cikin raha. Sai dai shawarata, kada baƙo ya fara, musamman a waya inda ba a ganin fuska. Bari ɗan gida ya buɗe.

Maganar wuta da ruwa ita ce ta fi raba maƙwabta, don haka tana bukatar saƙo na biyu, bayan an ga juna, cikin mako na farko kafin takardar kuɗi ta zo. Gidaje da yawa mita ɗaya gare su, kuma kowane gida da yadda yake rabo. Wasu ɗaki-ɗaki suke rabawa daidai, wasu kuma suna ƙidaya kayan wutar kowa. Kada ka kawo naka tsarin. Ka je wajen mai riƙe da lissafi ka faɗi abin da kake da shi da gaskiya: ƙwan fitila uku, fanka biyu, firji ɗaya, sannan ka tambaya yaya ake yi. Dubi abin da ke faruwa in ka yi shiru. A ce kafin zuwanka takardar wata tana zuwa jika 9, ɗaki uku kowa jika 3. Ka shigo da firji, ta koma jika 16. In aka raba huɗu, kowa zai ba da jika 4, wato kowane tsohon ɗan gida an ƙara masa jika 1, alhali kai ka jawo jika 7 ka biya 4. Ba wanda zai ce maka komai a wata na farko, amma kowa ya yi wannan lissafin a ransa. In kai ka fara cewa “ina da firji, ku sa mini abin da ya dace”, ka kashe maganar tun ba ta tashi ba. Haka ruwa: ka faɗi yawan mutanenka, ka tambayi ranar da ake wanki da kuma wanda ke kulle famfo da dare. Bayan an daidaita, saƙon murya gajere ga mai lissafin yana da amfani: “Kamar yadda muka yi magana, ni zan riƙa ba da kaza duk wata, ranar kaza.”

Ɓangaren mata ya fi na maza sauri, kuma sau da yawa shi ke yanke yadda zaman zai kasance. Uwargida ba ta jiran waya. Da hantsi, bayan an gama shara da ɗora sanwa, sai ta yafa mayafi ta shiga ɗakin babbar matar gidan da sallama, ta zauna ƙasa, ta gaishe ta: “Inna, ina kwana, mun zo ne ku riƙe mu.” Ita Innar ce za ta zaga da ita sauran ɗakuna, ta nuna mata wurin murhu, wurin zubar da ruwan wanke-wanke, igiyar shanya, da ranar da shara ke zagayowa kanta. A ranar farko ko ta biyu za a aiko yaro da kwano, fura ko tuwon hatsi ko dambu. A karɓa da hannu biyu, a yi godiya, a tambayi yaron daga wane ɗaki. Kwanon ba ya kwana biyu a wajenku, kuma ba ya komawa haka nan: a wanke shi, a sa wani abu a ciki, ko ƴan dabino, ko sabulu, ko ɗan abin da kuka zo da shi daga garinku. Ba a auna darajarsa da abin da aka kawo. Macen da ta zo ita kaɗai, kamar ma'aikaciyar likita, ita ma ta wannan ƙofa za ta shiga, sannan Inna ta gabatar da ita ga mazan gidan. Yana da kyau ta faɗi tun farko cewa aikinta yana da kwanan dare, don a san dalilin fitarta kuma a daidaita maganar kulle ƙofa. Namiji marar iyali kuwa ya tsaya daga bakin ƙofa ya gaida mata da murya, kada ya shiga, kuma ya faɗa wa babban gida irin baƙin da za su riƙa zuwa wurinsa.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Watan da ma'aikata ke sauka shi ne watan girbin hatsi, kuma a Arewa har ɗan kasuwa da ma'aikaci suna da gona. Da safe ba za ka samu magidanci ba, da rana ya gaji. A kaka, tsakanin magariba da isha'i ko jim kaɗan bayan isha'i ya fi, lokacin da aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Da rani kuwa bayan la'asar ne. Ka zo da goro kamar biyar ko goma a ƙunshe ga dattijo, ka cire takalmi kafin tabarma, ka zauna inda aka nuna maka. Ziyarar farko ba ta wuce minti goma sha biyar, kai za ka nemi tafiya tun ba a gaji da kai ba.

In ka aika saƙon murya kwana biyu ba amsa, kada ka aika na biyu, kada kuma ka ɗauka an ƙi ka. Wataƙila ba kuɗi a wayar, wataƙila tana wajen caji, wataƙila mutumin yana ƙauyen da layi ba ya kamawa, wataƙila kuma ya ji yana jiran ya gan ka ne kamar yadda ka alkawarta. Ka tambayi yaran gidan ko ya dawo. In sun ce yana nan, ka bari a idar da sallar la'asar, ka je bakin ƙofarsa ka yi sallama.